Sharhi: Abin da Lamba, Matsayi da Ranar Rajistar Kamfani Ke Faɗa Maka



A kwanakin nan, duk wanda ya zo neman kuɗinka da sunan kamfani, ko zai sayar maka da fili ne, ko zai kawo maka taki, ko zai kai ka Umara, ko zai juya maka jari, kalma ɗaya yake fara jefa maka: muna da rajista. Sai ya zaro takarda mai tambarin gwamnati ya miƙa maka. Da yawanmu daga nan hankali yake kwanciya. Yau ina so mu tsaya a kan wannan rajista, mu ga yadda ake duba ta da kuma yadda ake karanta abin da aka gani.

A Nijeriya, hukumar da ke riƙe da kundin rajistar kamfanoni ita ce wadda kowa ya sani da CAC, mai hedikwata a Maitama, Abuja. Dokar kamfanoni ta 1990 ce ta kafa ta, kuma yanzu tana aiki ne a ƙarƙashin sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020. Hukumar tana da shafin bincike na jama'a a intanet, wanda ake shiga ta adireshinta na cac.gov.ng, kuma duba bayanin farko kyauta ne. Ka rubuta sunan kamfani ko lambarsa, sai a nuna maka 'yan layuka. A cikinsu uku ne suka fi ɗaukar nauyi: lambar rajista, da matsayin kamfanin, da ranar da aka yi masa rajista. Kowanne yana amsa tambaya ɗaya tak. Wanda ya ɗora masa tambayar da ba tasa ba, shi ne yake shan wahala daga baya.

Mu fara da lamba. Tambayar da take amsawa ita ce: da wa nake hulɗa?

Kafin ka dubi alƙaluman, dubi haruffan da ke gabansu. Idan ka ga RC, kamfani ne. Idan ka ga BN, sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista. Idan ka ga IT, amintattu ne na ƙungiya, irin su masallaci, coci, gidauniya ko ƙungiyar ci gaban gari. Dokar 2020 ta ƙara wasu azuzuwa biyu na haɗin gwiwa, waɗanda ake rubuta wa LP da LLP. Bambancin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne tsakanin RC da BN, kuma bambanci ne babba.

Kamfani mai lambar RC, a idon doka, mutum ne mai zaman kansa. Yana mallakar dukiya da sunansa, yana cin bashi da sunansa, ana kai shi kotu da sunansa. Idan sunan ya ƙare da Ltd ko Plc, to alhakin masu hannun jarin yana da iyaka. Ma'ana, idan kamfanin ya ci bashinka ya durƙushe, dukiyar kamfanin za ka bi. Gidan Alhaji mai kamfanin da motarsa ba sa cikin lissafi, sai dai idan ya tsaya maka da kansa a rubuce, ko kuma kotu ta gano zamba. Shi kuwa BN ba mutum ba ne a doka. Suna ne da mai shago ya rataya wa sana'arsa. Bashin da shagon ya ci, mai shagon ne ya ci, har cikin aljihunsa. Saboda haka idan wani ya kira harkarsa kamfani, ya rubuta Ltd a allon shagonsa, kai kuma ka duba ka ga BN, to akwai abin tambaya, domin ya ba kansa rigar da hukuma ba ta ba shi ba. Idan kuma ka ga IT, amma ana ce maka ka zuba jari za a raba riba, nan ma ka ja da baya, domin ƙungiyar amintattu ba a kafa ta don raba wa mambobi riba ba.

Abu na biyu game da lamba shi ne ba ta canzawa. Suna yana canzawa, adireshi yana canzawa, daraktoci suna zuwa suna tafiya, amma lamba tana nan. Ga misali da kowa ya sani. Kamfanin siminti na Dangote yana da lamba RC 208767. Lokacin da aka ba da wannan lamba a 1992, sunan kamfanin Obajana Cement ne. Sai a 2010 aka mayar da shi Dangote Cement. Suna ya sauya, lamba ba ta motsa ba, kuma duk wata yarjejeniya da aka ƙulla da tsohon sunan tana nan a wuyan kamfanin. Wannan ya sa lauyoyi suke dagewa a rubuta lamba kusa da suna a cikin kowace yarjejeniya. Doka ma ta wajabta wa kamfani ya sa sunansa da lambarsa a takardun wasiƙunsa da rasitansa. Takardar kamfani da ba ta da lamba, ka tambayi dalili.

Yadda ake bincike da ita kuwa, hanya biyu za ka bi, kada ka tsaya a ɗaya. Ka rubuta lambar, ka ga sunan da ya fito. Sannan ka rubuta sunan, ka ga lambar da ta fito. Dole su haɗu harafi da harafi. Mazambata suna da dabaru biyu a nan. Wani yakan ɗauki lambar kamfani na gaskiya ya manna a ƙarƙashin sunan da ya ƙirƙira, da sanin cewa mutane kaɗan ne za su duba. Wani kuma yakan yi rajistar suna mai kama da na sanannen kamfani, ya ƙara kalma ɗaya ko ya sauya harafi. Ka kuma lura, tun da a da kowane aji yana da jerin lambobinsa, alƙaluma iri ɗaya za su iya fitowa a ƙarƙashin RC su kuma fito a ƙarƙashin BN, alhali masu su ba su ma san juna ba. Shi ya sa haruffan gaba suke cikin lambar, ba ado ba ne.

Yanzu mu koma kan matsayi. Tambayar da yake amsawa ita ce: shin wannan kamfani yana sauke haƙƙin da hukuma ke binsa?

Kalmomi biyu aka fi gani a allon, ACTIVE da INACTIVE. Mutane sukan ɗauka ta farko tana nufin kamfanin yana aiki, ma'aikata suna zuwa, kaya suna fita, ta biyu kuma tana nufin ya rufe. Ba haka abin yake ba. Doka ta ce kowane kamfani ya riƙa miƙa wa hukuma rahoton shekara, inda zai bayyana adireshinsa, da daraktocinsa, da masu hannun jarinsa, tare da bayanin kuɗinsa. Masu rajistar sunan kasuwanci da ƙungiyoyin amintattu su ma suna da nasu rahoton na shekara. Wanda yake miƙawa a kan kari, kundin zai nuna shi ACTIVE. Wanda ya bari rahotanni suka taru masa, sai a mayar da shi INACTIVE. Wannan shi ne mafi yawan abin da kalmomin biyu suke nufi.

To ka ga kenan, za ka iya samun shago cike da kaya a Kantin Kwari ko Singa, ana ciniki safe da yamma, amma kundin hukuma ya nuna shi INACTIVE, don kawai mai shi bai san da rahoton shekara ba, ko wanda ya yi masa rajistar bai taɓa gaya masa ba. Wannan ba hujja ba ce ta cewa macuci ne. Amma alama ce ta abu biyu. Na farko, akwai sakaci a harkar takardunsa. Na biyu, kuma wannan ne ya fi muhimmanci gare ka, bayanan da hukuma ke riƙe da su game da shi sun tsufa. Mai yiwuwa adireshin ya canza, mai yiwuwa daraktan da aka rubuta ya rasu ko ya bar kamfanin. Ranar da rigima ta tashi kana neman inda za a kai sammaci, ranar za ka san tsadar wannan tsufa. Maganin kuwa mai sauƙi ne: ka ce masa ya je ya biya rahotannin da ake binsa tare da tara, matsayinsa ya gyaru, sannan ku ƙulla. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan sharaɗi.

A ɗaya gefen, ACTIVE ma kada ya ruɗe ka. Kamfanin da aka yi wa rajista makon jiya zai fito ACTIVE, domin lokacin rahotonsa na farko bai ma zo ba. Bai yi wani abin kirki da ya jawo masa kalmar ba, sabo ne kawai. Haka kuma hukuma tana karɓar abin da kamfani ya rubuto mata ne. Ba ta zuwa ta leƙa rumbunsa ta ƙirga buhuna, ba ta duba ko yana biyan bashi. Kamfanin da ba shi da ko kujera zai iya zama ACTIVE shekara da shekaru, muddin wani yana cike takarda yana biyan kuɗinta.

Akwai matsayi na uku wanda ya fi waɗannan nauyi, wato a ce an soke sunan kamfani daga kundin gaba ɗaya. Sashe na 692 na dokar 2020 ya ba hukuma wannan iko a kan kamfanonin da take da dalilin ganin sun daina aiki. A 2023 hukumar ta sanar da shirin soke kamfanoni kusan dubu ɗari da suka yi shekara goma ba su miƙa rahoto ba, ta kuma wallafa sunaye don masu su su gyara kafin wa'adi ya cika. Kamfanin da aka soke, a doka ya rushe. Ba shi da ikon ƙulla sabuwar yarjejeniya, kuma dawo da shi yana buƙatar bin hanyar shari'a. Idan ka ga haka, ko ka ga alamar ana cikin rushe kamfanin don biyan masu bin sa bashi, kada ko sisi ya fita daga hannunka sai ka ga lauya.

Sai na uku, ranar rajista. Tambayar da take amsawa ita ce: tun yaushe wannan kamfani ya wanzu a idon doka?

Daga ranar da aka rubuta a takardar shaidarsa ne kamfani ya zama mutum mai iya mallaka da sa hannu. Kafin wannan rana babu shi. Wannan yana da amfani ƙwarai ga masu sayen fili da gida. Idan aka nuna maka takardar cinikin fili da ke cewa kamfani kaza ya saya a 2015, kai kuma ka duba ka ga an yi wa kamfanin rajista a 2019, to wa ya saya a 2015? Doka ta yarda kamfani ya amince da yarjejeniyar da aka ƙulla da sunansa kafin a kafa shi, amma sai ya amince ɗin, kuma kafin nan alhakin yana kan mutumin da ya sa hannu. Don haka ka nemi takardar wannan amincewa. Idan babu ita, to akwai giɓi a tarihin filin, ko kuma an rubuta takardar ne daga baya aka sa mata tsohuwar rana.

Sai dai ranar rajista ba ita ce ranar fara kasuwanci ba, kuma bambancin yana iya zuwa ta kowane ɓangare. Mu koma ga simintin Obajana. An yi rajistar kamfanin a watan Nuwamba na 1992, amma bai fara aiki ba sai a 2007. Shekara goma sha huɗu da ɗoriya kamfanin yana cikin kundi ba tare da ya fitar da buhu ɗaya ba. Ga kuma akasin haka. Bankin First Bank ya faro ne tun 1894 a Legas da sunan Bank of British West Africa, amma rajistarsa a matsayin kamfanin Nijeriya ta 1969 ce, bayan dokar kamfanoni ta 1968 ta tilasta wa kamfanonin waje su yi rajista a cikin ƙasa. Haka yake ga attajirai da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda suka gaji fatauci daga kakanni amma ba su yi rajistar kamfani ba sai kwanan nan. Don haka sabuwar rana ba ta ƙaryata tsohon ɗan kasuwa. Abin da take gaya maka shi ne, wannan kamfanin da za ka sa hannu da shi sabo ne, kuma tarihin gidan ba dukiyar kamfanin ba ce.

Tsohuwar rana ma ba shaida ba ce ta gogewa. Akwai masu sayen tsohon kamfanin da ya daɗe a kwance, su biya rahotannin da ake binsa, su sauya daraktoci, wani lokaci har da suna, don su fito da shekarun da ba su yi ba. Ranar za ta nuna shekara ashirin, alhali mutanen da ke ciki wata uku suka yi.

A nan ne lamba da rana suke taimakon juna, domin an daɗe ana ba da lambobin RC bi da bi. Bankin UBA da aka yi wa rajista a 1961 yana da RC 2457. First Bank na 1969 yana da RC 6290. Na Dangote na 1992 ya kai dubu ɗari biyu da takwas da 'yan kai. MTN Nigeria na shekarar 2000 yana da RC 395010. A farkon shekarun 2010 aka tsallake miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin lambobin suke da alƙaluma bakwai. Da wannan ɗan ma'auni a kanka, tun kafin ka taɓa waya za ka iya gane wasu ƙarairayi.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ƙungiyar manoma ta tara naira miliyan goma sha biyu za ta sayi taki kafin damina. Wani dillali ya zo da takardar kamfani, a samanta an rubuta an kafa shi a 1998, a ƙasa ga lambar RC mai alƙaluma bakwai. Tun a nan sakataren ƙungiya ya kamata ya tsaya, domin kamfanin da aka yi wa rajista a 1998 lambarsa ba za ta wuce alƙaluma shida ba. Ya shiga shafin hukuma ya rubuta lambar. Suna ya fito daidai da na takarda, wannan ya yi kyau, ba satar lamba aka yi ba. Matsayi ya nuna ACTIVE. Ranar rajista kuma ta nuna wata biyar da suka wuce.

Me wannan ya gaya masa? Kamfanin na gaskiya ne, yana cikin kundi. Kalmar ACTIVE ba ta ƙara komai ba, tun da bai kai lokacin rahoton farko ba. Maganar 1998 kuwa ba ta kamfanin ba ce. Ko dai mai shi ya daɗe yana sana'ar da sunansa sai yanzu ya yi rajista, ko kuma ƙarya ce. Wannan tambaya ce da za a yi masa kai tsaye, kuma idan gaskiya ne, dillalan taki na kasuwar za su san shi, tsofaffin rasitai ma za su nuna.

Mataki na gaba shi ne a nemi cikakken rahoton kamfanin, wanda hukuma ke kira Status Report, ana biyan kuɗi kaɗan a same shi. A ciki za a ga daraktoci, da masu hannun jari, da adireshin ofis, da yawan jarin da aka rubuta. Mafi ƙarancin jarin da doka ta yarda wa kamfani mai zaman kansa shi ne naira dubu ɗari, kuma ko wanda ya rubuta miliyoyi, wannan adadi ba ya nufin kuɗin suna ajiye a banki. Sakatare ya duba ko dillalin da ke gabansa yana cikin daraktoci. Idan ba ya ciki, ya kawo takardar da ta ba shi izinin wakiltar kamfanin. A tura mutum ya je adireshin ya gani da idonsa. Sannan a zo wurin da aka fi yin asara, wato lambar asusun banki. Sunan da zai fito a waya lokacin tura kuɗi dole ya zama sunan kamfanin da aka duba. Idan aka ce a tura asusun manaja ko na ƙanin mai gida, to duk binciken da aka yi ya tashi a banza, domin kuɗin bai shiga hannun wanda aka bincika ba. Kuma da kamfani ɗan wata biyar mai iyakantaccen alhaki, hikima ita ce a biya bayan an sauke kaya, ko a biya kashi-kashi, ko mai shi ya tsaya da kansa a rubuce.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi cinye dukiyar mutanenmu. Rajistar CAC ba lasisin sana'a ba ce. Ita dai ta ce kamfanin ya wanzu. Mai karɓar ajiyar kuɗin jama'a yana buƙatar lasisin Babban Bankin Nijeriya. Mai tara jari ya juya wa mutane yana buƙatar rajistar hukumar hannayen jari, wato SEC. Mai jigilar alhazai ta jirgin yawo yana buƙatar lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Mai haɗa magani ko abincin gwangwani yana buƙatar amincewar NAFDAC. Da yawa daga cikin masu tsarin zuba kuɗi a ninka maka da suka gudu da dukiyar jama'a suna da takardar CAC ta gaske, da lamba ta gaske, kuma kundin yana nuna su ACTIVE har ranar da suka rufe ofis. Takardar ba ta yi ƙarya ba. Mutane ne suka karanta a cikinta abin da ba ta faɗa ba.

Ga 'yan'uwanmu masu saurare daga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, a Nijar kundin shi ne wanda ake kira RCCM, kuma shekarar rajista tana cikin lambar kanta. Idan hulɗarku ta tsallako da kamfanin Nijeriya, shafin CAC a buɗe yake gare ku kamar kowa.

Don haka masu sauraro, kafin ku miƙa kuɗi ga wani kamfani, ku nemi lambarsa tare da haruffanta, ku gwada ta da sunansa. Ku dubi matsayinsa, ku tuna cewa maganar rahoton shekara yake yi. Ku dubi ranarsa, ku auna ta da labarin da aka ba ku da kuma ranakun da ke kan takardu. Inda ukun suka saɓa wa juna, ko suka saɓa wa bakin mai magana, nan ne za ku tsaya ku yi tambaya, kuma kuɗi ya zauna a hannunku har sai amsa ta gamsar. Ku kuma masu kamfanoni, ku duba naku matsayin a wannan mako, domin abokan hulɗarku sun fara dubawa.